Ba ni da littafin ciniki, ta yaya zan gano ribata?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa. Ban taɓa rubuta ciniki ba, takardar banki kawai gare ni, kuma kuɗin ciki ma raguwa suka yi. Ta yaya zan san ko na ci riba bara?

Amsa: Alhaji, takardar banki shige da ficen kuɗi kawai take nunawa. Ba ta san buhunan da ke jibge a shago ba, ba ta san wanda ya karɓi kaya bashi ba. Don haka za mu auna ƙarfin shagon ne sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta. Kowane karo ka haɗa abin da shagon ya mallaka, ka cire bashin da ake bin sa. Ragowar shi ne jarinka.

Mu ƙaddara ran 1 ga Janairu kana da kayan naira 2,000,000, da 600,000 a banki, da tsabar kuɗi 50,000, kana kuma bin mutane 350,000. Jimla 3,000,000. Dila na bin ka 500,000, jarinka ya zama 2,500,000. Ran 31 ga Disamba kuwa kuɗin banki ya sauko zuwa 400,000, amma kaya sun ƙaru, jimlar dukiyar ta kai 3,600,000, ana bin ka 700,000. Jari 2,900,000 ke nan.

Mutane da yawa nan suke tsayawa su ce ribar 400,000 ce, wato bambancin jarin farko da na ƙarshe. Da saura. Duk abin da ka ciro don gida, daga ribar ya fito, sai an mayar da shi cikin lissafi. Nan ne takardar banki za ta yi maka rana: bi ta layi-layi, ka ware kuɗin makaranta da na cefane da na hidimar sallah. Kada ka manta da shinkafa da man da yaro ya kai gida, banki bai gan su ba. A ce duka sun kai 1,200,000. Idan kuma ka sayar da babur ɗinka 300,000 ka zuba a shago, wannan ƙarin jari ne, cire shi za a yi. Wato 400,000 a tara da 1,200,000, a ɗebe 300,000. Ribarka 1,300,000.

Inda lissafin ya fi karkacewa shi ne ƙiyasta kaya. Ka sa musu farashin sari, ba na sayarwa ba, in ba haka ba ka ci ribar da ba ta zo ba tukuna. Bashin wanda ya yi ɓatan dabo kuma ka soke shi. Kayan farkon shekara su ne masu wuya tunda an riga an sayar, sai ka nemo rasiɗan sari ko ka roƙi dila ya duba maka littafinsa. Duk naira ɗaya da ka rage a jarin farko, kai tsaye za ta fito a matsayin ribar ƙarya.