Na tura wa farfesa takarduna sati biyu shiru, sun isa ne ko ba su isa ba?

"Salamu alaikum Yaya, dan Allah ina neman shawara. Wani farfesa a Jamus ya ce in turo masa CV da sakamakon digiri da takardar shaidarsa da fasfo ta imel, na ɗauki hotunansu da waya guda 9 na tura, yau sati biyu ke nan ba amsa. In sake turawa ne ko in ƙara jira?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka sake tura komai buɗe `Sent` ka duba imel ɗin da kyau, don ina da zargin abin da ya faru. Hoton waya ɗaya yakan kai MB 3 zuwa 5, guda 9 kuwa ka ga ana maganar wajen MB 36, alhali Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25 a saƙo ɗaya, in ya wuce sai ya mayar da shi linkin Google Drive, toh in ba ka buɗe izini ba mutumin yana dannawa zai ga `You need access`, kuma wallahi farfesan da ke da saƙo ɗari a gabansa da wuya ya tsaya roƙonka ka buɗe masa. Sannan ka leƙa `Spam` ka nemi saƙo daga `Mail Delivery Subsystem`, in ka ga lamba `552` da maganar girman saƙo to akwatin jami'ar ne ya ƙi karɓa, wato bai ma gani ba sam, ba wai ya share ka ba ne.

Ni kullum da aika kaya a tasha nake kwatanta wannan abu. In za ka aika kwali daga Kano zuwa Kaduna ai sai ka rubuta suna da lambar waya a jiki, ka kira mai karɓa ka ce kwali biyu ne da buhu ɗaya, da yamma kuma ka sake kira ka ji ko sun iso lafiya. To haka imel yake, sai dai mu da yawa kwalin kawai muke jefawa mota mu juya.

Na taɓa taya sakatariyar sashenmu tace takardun masu neman gurbi, abin da na gani ya dame ni. Takan sauke duk fayilolin cikin folda ɗaya, sai ka ga `IMG-20240312-WA0007.jpg` da `Document(3).pdf` da `CV.pdf` har guda goma sha, ba ka san na wane ne ba sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan ƙasarmu mai sakamako mai kyau ƙwarai, shafi na biyu na sakamakonsa ya ɓace cikin tarin nan, sai da na yi kusan rabin awa ina nema, da ba don na ga sunan gida na nace ba da an ajiye shi cikin waɗanda takardunsu ba su cika ba. Saboda haka kowace takarda ka yi mata sikanin da Adobe Scan ko CamScanner ko ka je kafe, ka haɗa shafukanta cikin PDF guda, ka sa mata suna kamar haka, da sunan da ke fasfonka a farko:

```
Surname_Firstname_CV.pdf
Surname_Firstname_Transcript.pdf
Surname_Firstname_BSc_Certificate.pdf
Surname_Firstname_Passport.pdf
```

In sunanka na da ƙ ko ɗ ko ɓ, ko irin alamar da ke cikin Sa'idu da Isma'ila, kar ka sa su a sunan fayil, wasu shafukan makarantu ba sa karɓa ko su hargitsa sunan, rubuta da baƙaƙe zalla yadda yake a fasfo. In kuma su da kansu sun faɗi yadda suke so a sa suna, ko sun ce a haɗa komai cikin PDF ɗaya, to nasu za ka bi ka manta da nawa.

Maganar nauyi akwai abin da mutane ba su sani ba, fayil in ya shiga imel ƙara kumbura yake da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake sarrafa shi a hanya, na MB 9 sai ya koma wajen MB 12, kuma akwatunan wasu jami'o'i a MB 10 suke tsayawa. Shi ya sa ni nake ƙoƙari duka kayan kar su wuce MB 5. Ba wuya, sikanin a dpi 150 zuwa 200 ya isa takardar rubutu, sakamakonka mai shafi 4 bai kamata ya wuce MB 2 ba, CV da aka fitar daga Word kuwa ko rabin MB ba zai kai ba. Amma dan Allah kar ka matse shi har hatimi da sa hannun rajistara su dushe, bayan ka rage ka buɗe ka zuƙo hoton, in ba ka iya karanta makin kowane kwas ba to shi ma ba zai iya ba. Zip kuma ka bar shi sai in sun nema, wasu wuraren toshe shi suke.

Sai jikin saƙon, nan ne naka ya fi rauni ina ji. Ka amsa a kan imel ɗin da ya turo maka, kar ka buɗe sabo, don ya tuna ko kai wane ne. Bayan gaisuwa layi ɗaya, ka ce kamar yadda ya nema ranar kaza ga takardu 4 ka haɗo, ka jero sunayensu daidai yadda suke a fayil, a gaban kowanne ka faɗi mene ne da shafi nawa, misali sakamako shafi 4, fasfo shafi 1. Amfaninsa shi ne in ya ƙirga ya ga uku maimakon huɗu nan take ya san wani ya maƙale. In akwai wadda ba ka samu ba tukuna, kamar asalin takardar shaidar digiri da makarantunmu kan ja lokaci kafin su bayar, ka faɗa a fili cewa ga ta wucin gadi, asalin na tafe, kar ka yi shiru ya zaci ɓoyewa kake.

A ƙarshe ka roƙe shi cikin ladabi ya sanar da kai a layi ɗaya in sun iso kuma duk sun buɗu, in da matsala za ka sake turawa. Wannan ba rashin kunya ba ne a wajensu, abu ne da suka saba. Abin da ba sa so shi ne naci kullum, ka ba shi kamar sati guda, in shiru ka tuna masa sau ɗaya a kan saƙon nan dai. In an kusa rufe karɓa to kar ka kai sati, a nan Jamus jami'o'i da yawa 15 ga Yuli suke rufewa na zangon hunturu, kuma a wannan lokacin agogon Jamus na gaban na Najeriya da awa ɗaya, ƙarfe 11 na darenku ranar ta riga ta ƙare a nan.

Don haka kai yanzu sake turawa za ka yi, jiran ya isa. Ka fara da cewa kana ganin na farko ya yi nauyi bai isa ba, ga shi ka gyara, ba sai ka cika ban haƙuri ba. Kafin ka tura masa ka fara tura wa kanka ko wani aboki mai kwamfuta ya buɗe fayil huɗun ɗaya bayan ɗaya, ni ma in ka ga dama turo min in duba maka da daddare in na dawo daga aiki.