Dila ya yi mini ƙari a inbois, yaya zan rubuta masa?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon fenti a Sabon Gari. Dilana na Kano ya turo inbois ta imel: bokiti 40 a ₦28,000, galan 60 a ₦8,000, da VAT duka ₦1,720,000. Amma bokiti 38 aka sauke mini, galan kuwa ₦7,500 muka yi. Na ga ƙarin ₦86,000. Yaya zan rubuta masa ba tare da mun ɓata ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka tura komai tukuna, domin naka lissafin ma bai cika ba. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma a kan jimlar kuɗin kaya ake ɗora shi. Jimla ta kumbura, haraji ya kumbura tare da ita. Kashi 7.5 na ₦86,000 shi ne ₦6,450, don haka ainihin abin da aka ƙara maka ₦92,450 ne. Da ka rubuta 86,000 sun amince, ka yafe dubu shida da ɗoriya ba ka sani ba, kuma komawa karo na biyu a kan inbois ɗaya yana rage wa maganar mutum nauyi.

Sai ka ajiye takardu biyu a gabanka. Ta farko webil ɗin da direba ya kawo. Duba abin da yaron shagonka ya sa wa hannu. In an rubuta 38, ko an soke 40 an rubuta 38 direba ya sa hannu a gefe, magana ta ƙare. In kuwa yaro ya sa hannu a kan 40 bai ƙirga ba, to hujjar tana hannunsu, imel ɗinka ya koma roƙo: su duba sito su tambayi direba. Nan ne yawancin irin wannan rigima ke lalacewa, ba a wurin lissafi ba. Ta biyu ita ce shaidar farashi, ko takardar farashin da suka ba ka, ko saƙon waya da aka ambaci 7,500. Karanta ta da kyau ka ga ko an sa mata wa'adi. Kuɗin fenti ba ya zama wuri ɗaya, kuma dila yakan rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne ko sha huɗu. In ka yi oda bayan wa'adi ya wuce, 8,000 ɗin na iya zama daidai, abin da ya rage maka bokiti biyun ne kawai da harajinsu, ₦60,200.

In takardun sun tsaya maka, ka tuna wa zai karanta saƙon. Galibi ba maigidan ba ne, akawunsa ne, mai inbois talatin a gabansa. Abin da yake so shi ne ya gyara ba tare da ya kira ka ba. Saboda haka ka danna Reply a kan saƙon da inbois ɗin ya zo a ciki, kada ka buɗe sabo, ka sa maigidan a Cc. Lambobi da ranakun da ke ƙasa misali ne, ka sa naka:

Kan saƙo: Gyaran jimla, inbois mai lamba 0417, ₦1,627,550 maimakon ₦1,720,000

Salamu alaikum. Da fatan Alhaji yana lafiya, ya kasuwa. Kaya sun iso ranar 14 ga Mayu, mun gode. Da muka gwada inbois mai lamba 0417 da takardunmu, mun ga jimlar ta haura da ₦92,450, daga wuri biyu.

Bokiti mai lita 20: an rubuta 40 × ₦28,000 = ₦1,120,000. Webil ya nuna 38, wato 38 × ₦28,000 = ₦1,064,000. Bambanci ₦56,000.

Galan mai lita 4: an rubuta 60 × ₦8,000 = ₦480,000. Farashin da kuka ba mu ranar 10 ga Mayu ₦7,500 ne, wato 60 × ₦7,500 = ₦450,000. Bambanci ₦30,000.

Jimlar kaya: ₦1,514,000 maimakon ₦1,600,000
VAT 7.5%: ₦113,550 maimakon ₦120,000
Abin biya: ₦1,627,550 maimakon ₦1,720,000

Na haɗa hoton webil da takardar farashi. Muna roƙon a soke 0417 a turo sabon inbois, ko a ba mu takardar ragi ta ₦92,450 mai ɗauke da lambar 0417. Da zarar ta iso za mu biya ₦1,627,550 ranar Alhamis in sha Allah. In akwai abin da muka tsallake, a nuna mana. Allah ya ƙara buɗi.

Ka lura babu "kun cuce ni", babu ma "kun yi kuskure". An rubuta kaza, webil ya nuna kaza. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Sau da yawa akawu daga takardar oda yake buga inbois, ba daga abin da sito ya loda ba, shi ya sa 40 ta fito. Farashi kuma na'ura ce ke ɗauko sabon da ke cikinta in ba a shigar da wanda aka yi da kai ba. Ka bar masa ƙofar da zai gyara bai ji kunya a gaban maigidansa ba. Layi-layi kuma na jera su da gangan, domin tebur yakan wargaje in an buɗe shi a waya, lamba ta bar gidanta.

Inda nake so ka dage shi ne takardar da za su turo. Kada ka karɓi "ba komai Alhaji, biya abin da ka ga daidai" a waya, kada kuma ka gyara inbois ɗinsu da biro. In ka tura 1,627,550 alhali littafinsu na cewa 1,720,000, ragowar 92,450 za ta zauna a kanka a matsayin bashi. Wata uku ko huɗu, an canja akawu, sai ka gan ta a saman sabon inbois an ce tsohon bashi, lokacin kuwa direban ma ya manta da tafiyar. Sabon inbois ko takardar ragi, wadda za ka ga an rubuta Credit Note a samanta, ita ce ke share wannan daga littafi. Ranar biya ka sa lambar inbois a wurin bayanin tura kuɗi.

Wataƙila su ce bokiti biyun suna tafe a mota ta gaba. To, madalla, amma su zo da nasu webil da nasu inbois na ₦60,200. Kada a bar su cikin wannan, don ba a biyan kuɗin abin da ke Kwanar Dangora.

Kafin ka danna Send, ɗaga waya ka gaishe da maigidan, ka ce ga saƙo nan tafe a kan 0417, ɗan gyara ne. Ɗan kasuwar da kuka saba ya ga takarda kwatsam ba sallama, sai ya ɗauka ƙara kake shirin kaiwa. In akawun Turanci ya fi ganewa, juya kalmomin, lambobin su zauna yadda suke. Kwana biyu na aiki shiru, ka sake Reply a kan saƙon nan dai da layi ɗaya, kana tuna musu cewa kuɗinsu na ajiye, takarda kawai ake jira.