Katin bashi: ranar biya da kuɗin ruwa

"Yaya, zan zo karatu Amurka kuma an ce sai na yi katin bashi. Wai da gaske ana iya amfani da shi ba a biya ruwa ba? Kuma meye tarar latti?"

Ƙanena da gaske ne, amma da sharaɗi ɗaya, kuma a nan sabbin zuwa ke faɗawa rami. Duk wata banki zai rufe lissafinka ya turo takarda, abu uku za ka duba a ciki: Statement balance wato duk abin da ake binka ranar da aka rufe, Minimum payment ɗan mafi ƙarancin da za su karɓa, sai Due date ranar ƙarshe ta biya. Tsakanin rufewa da wannan ranar shi ne lokacin sassauci, a nan dokar 2009 ta sa dole takardar ta fito aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. In ka biya duka cif kafin ranar, ko sisi ba ruwa a kan siyayyarka.

To ce an rufe 5 ga Maris ana binka dala 1,000, ranar biya 30 ga wata, mafi ƙaranci dala 35, APR ɗinka wato ruwan shekara kashi 24. Ka biya 35 ɗin nan ka ji daɗi, eh ba tara kam, amma sauran 965 ruwa ya hau kansu, kuma kullum ake lissafa shi, ana raba 24 ɗin gida 365, kusan santi 63 ke nan a rana, wajen dala 19 a wata. Abin da ya fi ciwo ma sassaucin ya tafi, duk abin da ka saya sabo daga ranar da ka goga katin ruwa zai fara, ba jira. Kafin ya dawo sai ka biya duka, wasu bankunan ma sai wata biyu a jere, shi ya sa za ka ga mutum ya share bashinsa tas amma wata mai zuwa ga ɗan ruwa ya sake fitowa yana ta faɗa wai an cuce shi, alhali na kwanakin da suka wuce ne kafin kuɗinsa su shiga.

Tarar latti daban take, ita sai ka kasa biyan ko mafi ƙarancin a kan lokaci, yawanci dala 30 zuwa 40 ko da kwana ɗaya ka makara. In lattin ya kai kwana 30 suna iya kai sunanka wajen masu ajiye tarihin bashi, wannan ya fi tarar illa nesa ba kusa ba.

Kar ka ciri tsabar kuɗi a ATM da katin nan, yawanci ba sassauci sam, ga caji a kai. Ni dai shawarata ka kunna Autopay wato banki ya riƙa cire kuɗin da kansa daga asusunka duk wata, ka zaɓi Statement balance, sai ka tabbata akwai kuɗi a asusunka kwana biyu kafin ranar.