Oga, hotunan Hajiya duk sun koma kwanan yau

Oga, na kwashe hotunan Hajiyar nan daga tsohuwar Tecno ɗinta zuwa sabuwar laftof, amma duk sun koma kwanan yau, har na sunan ɗanta na 2019. Wasu kuma sun yi dishi-dishi. Na ɓata aikin ne?

Kwantar da hankalinka yaro, in dai ba ka goge na cikin wayar ba babu abin da ya ɓaci. Kwanan da kake gani na ranar da fayil ɗin ya sauka a kwamfuta ne, na gaskiyar yana can cikin hoton kansa, kyamara ce ke rubuta shi lokacin da aka ɗauka, shi ake ce wa EXIF. Buɗe foldar, ka sa View a kan Details, ka danna dama a kan layin sama ka ƙara Date taken, bidiyo kuma Media created. Za ka ga 2019 ɗinka ya fito. Ko sunan ma ka duba, irin IMG_20190812_143005.jpg, ai shekara ce da wata da rana da lokaci a jere, shi ya sa kar ka kuskura ka canza musu suna.

Masu dishi-dishin kuwa na san abin da ka yi, ta WhatsApp ka turo su ko? Kar ka musa, ni ma na taɓa yi ina sabon shiga na sha faɗa. Shi WhatsApp matse hoto yake, na MB 4 sai ya dawo bai kai rabin MB ɗaya ba, kuma ya share EXIF ɗin gaba ɗaya, Date taken ya zama wayam. Sai dai in a matsayin Document aka tura. Waɗannan ka watsar da su ka sake kwasowa.

Nemo kebul mai ɗaukar data, ba irin na caji kawai ba, ka jona, ka buɗe makullin wayar ka zaɓi File transfer, ka shiga DCIM sannan Camera. Copy za ka yi ba Cut ba, don tsohuwar waya bakin cajinta ya saki, kebul na motsawa kaɗan aiki ya tsaya a tsakiya, in Cut ne ka shiga uku wajen gane wanne ya tafi wanne ya rage. Ka riƙa ɗauka ɗari biyar-biyar. In a memori suke ma ya fi sauƙi, ciro shi ka sa a kad rida.

In ka gama kar ka ce mata an gama tukuna. Zaɓi duka, ka duba Properties, in waya ta ce 2,340 to kwamfuta ma 2,340, girman ma ya zo ɗaya. Sannan ka buɗe bidiyo biyu uku mafi tsawo ka ja su har ƙarshe, don bidiyon da ya yanke a hanya sunansa na nan lafiya lau amma ba zai kai ƙarshe ba. Wanda ya zo mata ta WhatsApp tun asali fa, masu WA a suna, haka suke, ka faɗa mata tun yanzu kar gobe ta ce mu muka lalata.