Gabatar da kai a mitin ɗin farko

"Salam 'yan uwa. Na samu aikin koyarwa a wata poli nan Jos, ran Laraba ne mitin ɗin malamai kuma HOD ya ce zan tashi in gabatar da kaina. Don Allah me zan ce? Gabana sai faɗuwa yake."

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri. Wallahi kamar ni ka taɓo. Kar ka wuce minti biyu, ka gaida HOD tukuna, sai Cif Lakcarori, sai sauran malamai har da masu kula da lab da wokshof, kar ka tsallake su. Sannan sunanka, da muƙamin da ke cikin takardar ɗaukarka, in Mataimakin Lakcara ne ka ce hakan, kar ka ƙara wa kanka ko Lakcara III. Sai abin da ka karanta da kwas biyu da za ka iya ɗauka a ND, shi ke nan ka zauna.

Ni rawar kai ce ta kai ni. Na zo da mastas ɗina sabo fil, na tashi ina cewa a jami'armu kaza muke yi, kuma in sha Allah zan taimaka a gyara tsarin nan. Ashe rabin ɗakin da HND suka fara. Wani dattijo Cif Lakcara ya cire tabarau ya ajiye kan tebur ya ce, "To Malam, tunda gyara ka zo, manhajar NBTE ka taɓa buɗe ta kuwa?" Ɗaki ya yi tsit, wata Hajiya tana dariya cikin mayafi, ga sanyin Jos amma ni zufa nake. Manhajar hukumar da ke kula da poli ke nan, ni ko ganinta ban taɓa yi ba! Mutumin nan shekara biyu in na gaishe shi sai ya ce "mai gyara an iso", har gaban ɗalibai, kuma shi aka ba duba tambayoyin jarabawata, sau uku yana dawo min da su da jan biro. Na yafe masa amma ban manta ba.

Af, kuma ka san sakatare yana rubuta duk abin da ka faɗa. Na ce na iya Excel, kafin a tashi an ɗora min haɗa sakamakon ND I gaba ɗaya, ga zuwa duba ɗalibai masu horon aiki na SIWES har Bukuru da kuɗin motata. In an tambaye ka ka ce za ka koya wajen manya tukuna.

Kar bakinka ya kuskure ka ce VC, Rakta ne a poli. In hira ta juya kan ƙungiyar malamai ta ASUP ko alawus ka yi shiru, ba ka san waye na waye ba. Manhajar kuwa ka je ofishin sashe gobe ka roƙa, ko hoto ne ka ɗauka a waya ka duba kwasakwasanka kafin Laraba.