Oga, me zan rubuta a hoton bangon nan?

"Oga, furodusan nan ya ce rubutun da na sa a hoton bangon kashi na biyar na shirin da muke ɗorawa a YouTube bai da zafi. Wai in sa TA KASHE KISHIYARTA, alhali ba wanda ya mutu a ciki. Ya zan yi in sami rubutu da take da za su ja mutane kuma su dace da labarin?"

Ajiye linzamin nan ka juyo. Ka karanta sikirif ɗin tukuna? Ba ka karanta ba, na gani a idonka. Ku yaran yanzu da an turo muku bidiyo sai ku yi ta jan shi gaba kuna neman inda wata ta buɗe baki tana kuka, ku ɗauki hoton, ku lafta masa jan rubutu, shi ke nan wai kun zama masu zane. Ni tun zamanin faifan sidi nake haɗa fasta, lokacin da ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai zai ɗaga ta ya kalla sau ɗaya ya yanke kwafi nawa zai ɗauka. Batun girman hoto 1280 da 720 da zaɓen launi ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da kati.

Maganar furodusanka ta tuna mini da wani da har gobe ban yafe masa ba. Ya zo mini nan Zoo Road da shiri mai dogon zango, kashi goma sha biyu, muka yi ciniki dubu goma sha biyar kowane kashi, hoto da take da ɗorawa, a kan zai biya in zango ya ƙare. Wautata ta farko ke nan, da na yarda da bashi. Kashi shida na farko lafiya lau, masu kallo suna ƙaruwa a hankali, kuma suna zama har ƙarshe.

A kashi na bakwai, abin da ya faru a labarin shi ne matar tana zazzage aljihun mijinta za ta ba da wanki, sai ta tsinci rasit ɗin akwatunan lefe. A minti na shida abin yake. Sauran kashin duk a kan haka ya tafi: ta ɓoye rasit ɗin, ta yi shiru, tana lura da shi. Can wajen ƙarshe ya kama ta da wayarsa ya ce in ta ƙara taɓawa a bakin aurenta. Barazana ce kawai, ba saki.

Na haɗa hoton da hannunta riƙe da takardar, fuskarta a gefe, na rubuta kalma biyu: LEFEN WA? Take kuma na sa: Ta tsinci rasit ɗin lefe a aljihun mijinta, sannan sunan shirin da lambar kashi a ƙarshe. Ka lura da yadda na raba musu aiki. Taken ya faɗi abin da ya faru, hoton ya yi tambayar da ke cin matar a rai, ba wanda ya maimaita ɗan'uwansa. Kuma duk wanda ya danna, kafin minti bakwai ya ga takardar nan da idonsa.

Mai shirin nan ya zo ya tsaya a kaina, ya ce wannan ai rubutun malaman makaranta ne. Ya sa na cire, na ɗauko hotonta tana kuka daga wurin ta'aziyya a kashi na biyu, na rubuta YA SAKE TA SAKI UKU. Na ce masa Alhaji, babu saki a ciki. Ya ce ai ya ambaci aure, ya isa. Da na ga kuɗina na hannunsa sai na bi, wauta ta biyu.

Ranar farko ya kira ni yana dariya. A YouTube Studio, wurin da aka rubuta Impressions click-through rate, wato cikin mutum ɗari da aka nuna wa hoton nawa suka danna, mun saba samun shida ko bakwai, ranar sai ga sha uku. YouTube da kansu sun ce rabin tashoshi tsakanin 2 da 10 suke, to ka ga dole kansa ya kumbura. Ni kuwa Audience retention na buɗe, zanen da ke nuna inda mutane suke tsayawa da inda suke gudu. Layin ya faɗo tun farko kamar an tunkuɗo shi daga bene, ya kwanta a ƙasa, sai can wajen ƙarshe ya yi ɗan tozo. Ka san ma'anar tozon? Mutane ne suke jan bidiyon gaba suna neman wurin sakin. Suka zo ƙarshe ba su gan shi ba, suka sauka wurin sharhi suna kiranmu maƙaryata, wata ta ce Allah ya isa datarta.

Duk lokacin da ka ga dannawa ta hau, zama ya sauka, to hotonka ya yi alkawarin da bidiyon bai cika ba. YouTube kuma ba dannawa kaɗai yake dubawa ba, yana duba ko an zauna. Ko gwajin nan nasu na Test & Compare, da ake sa hoto har uku a gwada, da yawan lokacin kallo yake fitar da gwani.

Kashi na takwas na koma rubutun gaskiya, amma mutane sun riga sun ƙone, ba su yarda da mu kuma. Abin da ya fi ba ni haushi, a kashi na goma sha ɗaya aka yi sakin na gaske, wurin da marubucin ya gina tun farko, kuma ba mu da abin rubutawa, mun riga mun kashe kalmar a banza. Na sa YA SAKE TA, sharhin farko da ya shigo cewa ya yi "kun sake dawowa da ƙaryarku". Zango ya ƙare, na je karɓar dubu ɗari da tamanin ɗina, ya ce ni na kashe masa tasha da hotunana marasa kyau. Dubu arba'in ya ba ni, ita ma sai da na haɗa shi da wani dattijo. Har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai ya miƙo mini hannu yana murmushi.

To ga abin da za ka yi. Ka karanta sikirif ɗin, ka kalli abin da edita ya yanka, don wani lokaci abin da ke takarda bai shiga bidiyo ba. Ka rubuta jimla ɗaya a takarda: wanda ya danna zai ga kaza, a minti kaza. In ba ka iya rubuta mintin ba, ba ka da alkawari. In mintin ya yi nisa, kamar na ashirin da biyar a bidiyon rabin awa, ko dai edita ya gutsuro kaɗan ya sa a farko, ko ka nemi wani abin da ya zo da wuri. Daga jimlar nan za ka ciro taken. An ba ka harafi 100, amma waya tana datse wutsiyar, don haka labarin a gaba, sunan shiri a baya. Rubutun hoto kada ya wuce kalma uku ko huɗu, kuma ka bar kusurwar dama ta ƙasa, nan tsawon bidiyo yake zama ya rufe maka harafi. Fuskar da za ka sa ta fito daga wannan kashin, da kayan da ke jikinta a ciki, mata suna gane atamfa.

Furodusanka kuma ka ce masa ni na hana. In ya nace, ya turo maka rubutun da hannunsa ta WhatsApp ka ajiye, sannan ya biya kuɗin kashi biyar ɗin nan kafin ka taɓa na shida. Jeka ɗauko mini sikirif ɗin mu ga abin da kishiyar ta yi da gaske, ka biyo mini da shayi wajen mai shayin bakin titi, kar ya cika sukari.