Ya ce sitona na cikin inshora, kamfani ya ce babu: wa zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shinkafa, mai da sukari a Alabar, Kumasi, ina kuma da sito a Aboabo. Wanda ya yi min inshorar gobara ta sidi 300,000 ya ce duk kayana na ciki. Wuta ta ci kayan sidi 150,000 a sito, kamfani ya ce shago kaɗai ke takarda. Wa zan kama, shi ko kamfanin? Kuma nan gaba ta hannun wa ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba.

Kafin ka je wurin kowa, ɗauko rasit ɗin da aka ba ka da takardar inshorar, ka duba sunan da ke samansu. Amsar tambayarka ta rataya ne a kan ko wane ne mutumin nan a idon doka, domin masu kawo inshora ƙofar shago iri biyu ne, kuma ba ubangida ɗaya suke yi wa aiki ba. Ejan wakilin kamfani ne, hajar kamfanin da ya ɗauke shi yake tallatawa. Dillali kuwa, wanda ake kira buroka, wakilinka ne kai mai saye: aikinsa ya fahimci kasuwancinka, ya zagaya kamfanoni, ya zaɓo maka abin da ya dace. Abin da ke rikita mutane shi ne dukansu biyun daga kamfani suke karɓar la'ada, a cikin kuɗin da ka biya. Amma inda la'ada ta fito ba shi ke nuna wanda ake wakilta ba. A Ghana dukansu sai da lasisin hukumar inshora ta ƙasa, NIC, a ƙarƙashin dokar inshora ta 2021, mai lamba 1061. Dillali kamfani ne mai rajista da ofis da takarda mai ɗauke da sunansa. In ka ga sunaye biyu a takardunka, na kamfanin inshora da na wani ofis daban, akwai alamar ta hannun dillali ka bi. In suna ɗaya ne, kuma mutumin yana yawo da katin shaidar kamfanin, ejan ne. In ka yi shakka, ofishin NIC na Kumasi zai gaya maka.

In dillali ne, matsayinka ya fi ƙarfi, amma ba kamfanin inshorar za ka kama ba. Kamfani ya karɓi adireshi ɗaya, ya yi farashi a kan adireshi ɗaya, kuma inshorar gobara tana bin wurin da aka rubuta ne, ba ta bin kaya duk inda suke. Saboda haka ƙin biyan da ya yi yana da madogara. Wanda ya gaza shi ne dillalin. Tambayar farko da duk wanda ya san aikinsa yake yi wa ɗan kasuwa mai sayar da buhu-buhu ita ce: "Alhaji, ina kake ajiye sauran kaya?" Wanda ya ga shago mai cin buhu ɗari ya rubuta sidi 300,000 bai tambayi inda sauran suke ba, ya yi sakaci. In kuwa ka gaya masa akwai sito ya manta bai saka ba, sakacin ya fi fitowa fili. Don irin wannan ranar ne aka wajabta wa dillalai su riƙe inshorar kuskuren sana'a, wadda ke biyan abokin hulɗa idan shawararsu ta jawo masa asara. Wato ko dillalin ba shi da kuɗin a aljihu, akwai inda za su fito.

Sai dai ka san abin da za ka nema. Ba a biyan ka asararka gaba ɗaya don kawai an yi maka laifi. Ana mayar da kai ne matsayin da za ka kasance da an yi aikin daidai. Mu ɗauka ranar gobarar kayan shago na sidi 120,000 ne, na sito na 180,000, jimla 300,000, daidai da abin da ka yi wa inshora. Da an rubuta siton, da kamfani ya biya 150,000, a cire kason da takarda ta ce kai za ka ɗauka a kowace asara, a ce 5,000, a kuma cire ƙarin kuɗin da za ka biya saboda siton. Abin da ya rage shi kake bin dillali. Amma a ce littafinka ya nuna kayan sun kai 400,000 a lokacin, domin ka yi sari gabanin azumi. To ka yi inshorar kashi uku ne cikin huɗu na dukiyarka, kuma takardun gobara suna da sharaɗin da ke rage biya daidai da wannan giɓin. Kashi uku cikin huɗu na 150,000 shi ne 112,500. Lauyan dillali zai fara da wannan lissafin, sai dai in ka nuna cewa shi ne ya ba ka adadin 300,000 ɗin, ko bai taɓa yi maka bayanin sharaɗin ba. Zai kuma ce an ba ka takarda ba ka karanta ba. Wannan hujjar tana iya rage maka wani abu, amma ba ta wanke dillali, tunda ai don kada ka yi fama da ƙananan rubutun Turanci ka ɗauke shi.

In ejan ne, a nan maganar take da sarƙaƙiya, kuma a nan yawancin mutanenmu na zango suke faɗawa, domin ejan shi ke shigowa kasuwa, sau da yawa ma ɗan unguwa ne da kuke salla sahu ɗaya. Asalin ƙa'ida ita ce kamfani yana ɗaukar nauyin abin da wakilinsa ya yi a cikin hurumin da ya ba shi, har da hurumin da ya bari jama'a suka zaci ya ba shi. Da jin haka sai ka ce magana ta ƙare, kamfani zai biya. Abubuwa biyu ne ke tare hanya. Na farko, ejan ba shi da ikon sauya abin da takarda ta ƙunsa da fatar baki. Ƙara wuri a inshora sai da rubutaccen ƙari daga kamfani. Na biyun ya fi ciwo, shi ne fom ɗin neman inshora. Yadda aka saba, ejan ya zauna a kan benci a shagonka, yana tambaya kana amsawa kana kuma sallamar masu saye, ya cike da hannunsa, ya juyo maka shafin ƙarshe ya ce sa hannu a nan. A saman wurin sa hannun akwai layin da ke cewa duk abin da ke fom ɗin gaskiya ne kuma shi ne tushen yarjejeniya. Kotunan da ke bin tsarin shari'ar Ingila, wanda Ghana ta gada, sun sha yanke cewa a lokacin da ejan yake cike fom, hannun mai saye ne shi, ba na kamfani ba. Ni dai ina ganin wannan ƙa'idar ta yi wa wanda ba ya karanta Turanci tsauri ƙwarai, kuma kamfani na iya ƙoƙarin kare kansa da ita, don haka lauya ya duba maka ko dokar inshora ta Ghana ta bar ta tana aiki.

Abin da ke karya ta shi ne shaida. Shin ejan ɗin ya taɓa zuwa Aboabo ya ga siton? Ya ɗauki hoto? Yaronka ne ya buɗe masa ƙofa? Akwai saƙon WhatsApp ko na murya inda ka ambaci sito, ya ce ba damuwa? Dokar hulɗa ta lantarki ta 2008 ta amince da irin waɗannan saƙonni, don haka kada ka goge komai, kada ka canza waya ba ka adana su ba. In ka nuna cewa wakilin kamfani ya san da siton, kuma an yi maka farashi a kan 300,000 wanda kowa ya san shagon ba zai ɗauka ba, kana da hujjar cewa kuskuren na gidansu ne. In babu komai sai "ya ce, na ce", da wuya. Kana iya ƙarar ejan ɗin shi kansa, amma mutum mai rayuwa da la'ada ba lalle ya iya biyan 150,000 ba ko ka yi nasara.

Saye kai tsaye a ofishin kamfani ba sai na daɗe a kansa ba. In ma'aikaci ya gaya maka abin da ba haka ba, kamfani ke da alhaki, matuƙar kana da shaida. Amma ba wanda zai zo ya leƙa kasuwancinka ya gano abin da ka manta. Abin da ka nema shi za a sayar maka. Kuma ba dole ne ya fi araha ba. Ya dace da abu mai sauƙi irin inshorar mota ta dole, wadda farashinta ƙayyadadde ne, kuma kana iya tabbatar da ita a waya da `*920*57#`.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka nemi kamfani ya ba ka ƙin biyan a rubuce, da sharaɗin da ya dogara da shi, tare da kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu. Ka duba rubutun hannun wa ke ciki, da abin da aka rubuta a gurbin wurin ajiyar kaya. Ka karɓi rahoton 'yan kwana-kwana, ka tattara rasitan sari da littafin kaya. Ka kuma tabbata kuɗinka ya isa kamfani, domin tun 2014 ƙa'idar NIC ita ce in ba a biya ba, babu inshora. Sannan ka rubuta wa dillalin, ko kamfanin in ejan ne, takarda mai kwanan wata da adadin da kake nema, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In ba su saurare ka ba, NIC tana da sashen karɓar ƙorafi da sasantawa, ƙungiyar kamfanonin inshora ta Ghana ma tana da nata. Doka ta ba da shekara 6 don ƙarar yarjejeniya, amma wasu takardun gobara suna taƙaita wa'adin zuwa wata 12, don haka kada zaman sulhu a gidan Sarkin Zango ko wurin liman ya cinye maka lokaci. A yi sulhun, yana da kyau, amma takardarka ta riga shi shiga, lauya kuma ya ga takardun tun da wuri.

Nan gaba, ga mai shago da sito da kayan da ke hawa da sauka da lokaci, dillali mai lasisi nake ba ka shawara. Ka kai shi Aboabo da ƙafarsa. Ka tura masa saƙo mai ɗauke da adireshin kowane wuri da ƙimar kayan da ke ciki a lokacin da suka fi yawa, ka ce ya amsa a rubuce. Ka tambaye shi ko ambaliya na ciki, domin inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ruwa sai an ƙara, ka kuma san halin rafin Aboabo da damina. Idan takarda ta fito, ka ba wani yaronka mai karatu ya karanta maka shafin da ke ɗauke da sunanka, adireshi da adadin kuɗi, layi-layi. In babu siton a wannan shafin, ka mayar a gyara a ranar.